Cin abincin bakin titi a Kano: abin da nake dubawa kafin in miƙa kuɗina

Duk wanda ya shigo Kano sari ko neman wata takarda, da wuya ya wuni bai ci abincin bakin titi ba. Motar dare takan ajiye mutum a tashar Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa da sassafe, daga nan ya hau adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, kuma ba zai ga masauki ba sai bayan isha'i. Wannan ita ce hanyar da na bi a shigata ta watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke kaiwa digiri 40 da rana, kuma a kanta zan nuna yadda nake tantance wurin da zan ci da wanda zan wuce.

Yawancin baƙi da ido suke yanke hukunci. Su ga rumfa mai fenti da teburi mai shimfiɗar leda, sai hankalinsu ya kwanta. Su ga dattijuwa zaune a kujera 'yar tsugune gaban murhu, hayaƙi ya baƙanta bangon bayanta, sai su kau da kai. Ni ba na aunawa da wannan. Abin da nake so in sani shi ne yaushe abincin ya bar wuta, kuma wane hannu da wane ruwa suka taɓa shi bayan ya bar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi iyakokin a fili: dahuwar da ta kai digiri 70 har cikin abinci tana kashe kusan dukkan ƙwayoyin da ke sa ciwon ciki, tsakanin digiri 5 da 60 kuwa nan ne suke hayayyafa, don haka dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye haka nan ba. Zafin Kano na bazara yana tsakiyar wannan tazara, kusa da ɗumin jikin mutum, wanda shi ne ɗumin da ƙwayoyin suka fi so.

Karin safe shi ne mafi sauƙi. A bakin tasha na tarar da masu ƙosai da masu waina a jere, kuma irin wannan abinci daga mai yake fitowa zuwa hannunka. Man suya yana haura digiri 160, babu ƙwayar da ke rayuwa a cikinsa. Abin da kawai nake yi shi ne in ƙi na cikin kwando in jira na cikin kasko. Na ce wa wadda na tsaya wurinta: "Inna, ina kwana? A ba ni na wannan kaskon in ya fito, zan jira." Ta ce: "To ɗan nan, zauna, yanzu zan tsame." Babu mai suya da ke jin haushin wannan. Kafin ta tsame sai na bi hannunta da kallo. Da matsami ta kwashe, da tsinke take tsirowa tana zubawa a leda, kuɗi kuwa wata yarinya ce a gefenta ke karɓa tana ba da canji. Wannan rabon aiki ya fi mini kowace irin kwalliyar rumfa. Inda mai suya ita kaɗai ce, sai in duba ko hannun da ya damƙi tsohuwar naira ɗari biyu shi ne zai ɗauki ƙosan. In da tsinke ko cokali take ɗauka, ba damuwa.

Ga waina kuwa, ba ita ce abin tsoro ba, miyar ce. Waina daga tanda take sauka, amma miyar taushe ko ta alayyafo da ake zuba mata wataƙila tun asuba aka sauke ta, ko ma ta kwana. In tukunyar miyar tana kan garwashi tana ɗan tafarfasa, ina karɓa. In tana cikin roba a ƙasa, mai ya daskare a samanta, sai in ce a sa mini ƙuli ko sukari kawai. Koko ma haka: wanda ke ƙona leɓe lafiya lau ne, wanda ya yi sanyi har aka tsinka shi da ruwan jarka don ya ƙara auki, wannan ruwan ba a dafa shi ba.

Abincin rana ne ke kwantar da mutane, kuma a nan nake so in daɗe. A wani lungu da ke bayan shagunan atamfa, wajen ƙarfe biyu bayan an idar da azahar, na tarar da mata biyu masu garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Ta farko tana da teburi, da manyan kuloli masu kyau guda uku, da farantan tangaran, gabanta a share. Ta biyu tukunya ce babba a kan murhun gawayi, benci ɗaya, 'yan dako da yaran shago sun yi mata layi, kowa da kwanonsa.

Na fara da mai kuloli. Na gaishe ta na tambaya: "Hajiya, ƙarfe nawa aka sauke?" Ta ce tun ƙarfe goma aka kawo daga gida. Da ta buɗe kular don ta zuba wa wani, shinkafar ta kusa rabi, babu tururi, gumi ya taru a murfin yana ɗiga ciki, kuma shinkafar ta fara cuɗewa. Lissafin a nan yake. Kula ba ta ɗumama abinci, rage saurin hucewarsa kawai take yi, kuma duk buɗewa ɗaya zafi na fita. Kular da ta cika maƙil tana riƙe zafi, wadda ta yi rabi ana ta buɗe ta kuwa cikin 'yan awanni za ta sauko ƙasa da digiri 60. Ɗanyar shinkafa tana zuwa da wata ƙwayar cuta daga gona mai suna Bacillus cereus, wadda ke da ƙwanso mai jure tafasa. Dahuwa ba ta kashe ƙwanson. Da zarar shinkafar ta koma ɗumi-ɗumi sai ya fashe, ƙwayar ta fara ninkuwa, a yanayin da ya yi mata daɗi kusan duk minti 20 zuwa 30. A misali, in ƙwaya 100 ce a cikin giram ɗaya da ƙarfe ɗaya na rana, tana ninkuwa duk minti 20, to da ƙarfe biyar ta ninku sau 12, ta haura 400,000. Daga wajen 100,000 a giram ɗaya ake fara samun matsala. Abin da ya fi muni shi ne gubar da take zubarwa a cikin shinkafar ba ta lalacewa da ɗumame. Ko an mayar da ita wuta ta yi zafi ƙwarai, ƙwayar ta mutu amma gubar na nan, kuma ba ta da wari ko ɗanɗano. Shi ya sa shinshinawa ba ya isa. Da ƙarfe biyu shinkafar Hajiya wataƙila da sauranta, amma ba ni da hanyar tabbatarwa, wanda zai saya da la'asar sakaliya kuwa shi ne ke cikin haɗari na gaske.

Mai tukunya ta ce mini wannan girki na biyu ne, na farko ya ƙare tun sha biyu, kuma na ga shaidar maganarta: buhun gawayi a buɗe, wata tukunyar wake na dahuwa a gefe. Da aka zuba mini sai da na riƙe farantin ta gefe saboda gindinsa na ƙona yatsu, kuma sai da na hura kafin in kai baki. Wannan shi ne ma'aunin baƙo da ba ya yawo da na'urar gwada zafi. Abincin da za ka iya cika baki da shi nan take ba tare da hurawa ba, ya riga ya sauko. Tururi kaɗai ba ya wadatarwa, domin da safiyar hunturu ko abinci mai ɗumi-ɗumi yana hayaƙi, don haka gindin faranti ya fi gaskiya.

Layin da ke gabanta ma hujja ce, amma a fahimci dalilin. Ba wai mutane da yawa ba sa kuskure ba ne. Yawan masu saye yana nufin tukunya ba ta daɗewa, abinci ba ya samun awannin da zai lalace. Sannan su wa ke layin? Yaran shago da 'yan dako kullum nan suke ci, in cikinsu ya ɓaci gobe za su zo su faɗa mata a gaban kowa, kasuwarta ta mutu. Mai sayarwa a bakin motar da ke shirin tashi zuwa Legas ko Maiduguri ba za ta sake ganin fasinjan ba. Wannan ne ya sa a tasha nake tambayar direbobi da 'yan kamasho inda su suke ci, ba na sayen abin da aka miƙo ta taga.

Sai dai mai tukunyar ma ban karɓi komai nata ba. A kan garau-garau ana ɗora yankakken latas da tumatir da albasa da kokwamba, su kuwa ba su ga wuta ba. Wani ɓangare na ganyen da ake ci a Kano a gefen rafin Jakara ake noma shi, da ruwan da ya kwaso dattin unguwanni, kuma ɗauraya ɗaya a baho ba ta raba latas da abin da ya maƙale a lunguna-lungunansa. Na ce: "Hajiya, ban da salak, mai da yaji sun isa." Man ma soyayye ne, yajin busasshe, duka ba su da ruwan da ƙwaya za ta yaɗu a ciki.

Daga nan sai wurin wanke-wanke, wanda a ganina shi ne ya fi tona asirin rumfa, kuma yawanci a bayan mai abincin yake, sai ka ɗan zagaya. Mafi yawan masu abinci a kasuwannin Kano daga 'yan garuwa suke sayen ruwa, jarka-jarka a kura, kowace jarka da kuɗinta, saboda haka akwai jarabar a yi tattalinsa fiye da kima. Mai tsabta tana da baho biyu ko uku: na kumfa, na ɗauraya, kuma na ɗaurayar kana iya hango gindinsa. Marar tsabta baho ɗaya gare ta tun safe, ruwan ya koma ruwan toka, ƙwayoyin shinkafa da manja na yawo a sama, a tsoma faranti a fito da shi a goge da tsumma. Wannan farantin ya ɗauko abin da ke hannun duk wanda ya ci kafin kai. Taifot da kwalara da ciwon hanta nau'in A duk ta wannan hanya suke bi, daga bayan gidan wani zuwa hannu ko ruwa, zuwa bakin wani. In ban gamsu da bahon ba amma abincin na da zafi, sai in sa a zuba mini a sabuwar robar tafi-da-gidanka, in ci da cokalin roba sabo. Kuma ina kallon yadda ake buɗe leda: wadda ake hura wa iska da baki don ta buɗe, ba na karɓa.

Ruwan wanke hannu ma haka. Kwanon da kowa ke tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne. Buta nake nema, a zuba ruwan ya gangara ƙasa, da ɗan sabulun da ke aljihun jakata, in cuɗa kamar daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu. Hannun baƙo da ya wuni yana riƙe ƙarfen adaidaita, yana ƙirga kuɗi, yana musabaha da rabin kasuwa, sau da yawa ya fi na mai abincin datti.

Bayan la'asar ƙishirwa ke kama mutum, kuma abin sha ya fi abin ci wuyar tantancewa, domin ba ya zuwa da zafi. Zoɓo ana tafasa shi, amma bayan tafasar ana ƙara ruwa, a zuba garin ɗanɗano, a ɗura a robobin lemo da aka tsinto aka wanke. Kunun aya kuwa ba ya ganin wuta ko kaɗan: jiƙa aya ake yi, a kai inji a markaɗa, a tace da ruwa, ga zaƙin dabino, ga maiƙo. In babu sanyi na gaske, cikin 'yan awanni yake juyawa. Robar da ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi tsit da aka murɗe murfin, ko kunun ya fara yauƙi, ya riga ya tafi. Amma ko bai juya ba, lafiyarsa lafiyar ruwan da aka tace shi da shi ce, kuma baƙo ba shi da hanyar sanin wannan. Ga kuma ƙanƙarar da ake fasawa a jefa cikin bokitin zoɓo ko ƙwaryar fura. Daskarewa ba ta kashe ƙwayar taifot. Ƙanƙarar da ke kewaye da roba a rufe ba ta da laifi, wadda ke narkewa a cikin abin da za ka sha ita ce matsala. Mutanen Kano ba su manta watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin garin suna amai da fitsarin jini bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami, har aka rasa rayuka. Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, sinadari ne, kuma babu idon da zai gane shi a cikin kofi. Saboda haka a garin da ban san mai haɗawa ba, ina tsayawa a kan ruwan leda ko na roba mai lambar NAFDAC da kwanan wata, in wanke kusurwar ledar kafin in sa haƙori, tunda cikin ruwan ƙanƙarar da hannaye da yawa suka shiga aka tsamo ta. Shayi ba ya buƙatar bincike in daga tafasasshiyar tukunya aka ɗebo, sai dai a ce wa mai shayin ya ɗauraye kofin da ruwan zafin.

Fura da nono ina son ta, kuma tsamin nono yana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin, amma tambaya biyu nake yi wa mai ita: an dafa madarar kafin a kwantar da ita, kuma da wane ruwa za a dama? Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake kira Brucellosis. Ruwan damu kuwa nawa nake miƙa mata, kuma ba na shan ludayin da aka karɓa daga bakin wani aka tsoma a ƙwaryar ruwa sau ɗaya. 'Ya'yan itace a wajen masu baro, ayaba da lemon da zan ɓare da kaina nake ɗauka, ko in sa a yanka sabuwar kankana a gabana. Yankakkiyar da ke ɗaure a leda tun rana ana yayyafa mata ruwa, na bar ta.

Da dare na bi ta titin Gidan Zoo, inda fitilun masu nama ke jere. Tsire yana cikin abincin da ya fi aminci in an bi da shi daidai, domin naman siriri ne, wuta na ratsa shi. Abin dubawa a tukuba shi ne katako da wuƙa. In a kan katakon da ake feɗe ɗanyen nama ake yanka gasasshe, ko ɗanyen tsire na jingine a saman gasasshe yana ɗiga masa, to gashin ya tashi a banza. Tsinken da na zaɓa sai an mayar da shi wuta, kuma ba a gefe ba inda zai ɗumama kawai. "Malam, a kai shi tsakiyar wuta ya yi ƙara tukuna." Ya ce: "An gama, Alhaji." Minti uku ko huɗu a kan jan garwashi, ana juyawa har mai ya fara tsartuwa. Balangu ya fi tsire buƙatar kulawa saboda kaurinsa. In aka yanka na ga tsakiyar ja ne yana fitar da ruwa mai jini, ya koma. Kaza kuma a duba jikin ƙashin cinya, nan ne ɗanye ke ɓuya. Wanda aka lulluɓe da takarda a gefen tukuba tun la'asar, mai ya kwanta a jikinsa ya yi fari, ba na saye ko za a rage mini kuɗi. Kabeji da tumatir da ake barbaɗawa a kai hukuncinsu ɗaya da salak ɗin rana. Albasa kaɗai nake yarda a ɓare sabuwa a yanka a gabana.

Gurasa, wadda Kano ta yi suna da ita, daga tanderu take fitowa a gashe, busasshiya, ba ta da matsala. Bandashe ne ke da wurin dubawa, domin sai an tsoma gurasar a ruwa ko an yayyafa mata don ta yi laushi kafin a zuba ƙuli da mai da yaji. Wannan ruwan shi ne tambayar. In mai zafi ne daga kan wuta, madalla. In roba ce da hannu ke shiga yana fita tun yamma, gara a ba ka gurasar a bushe ka haɗa da tsirenka.

In duk da haka ciki ya ɓaci, lokacin da ya fara yana nuna inda abin ya fito, kuma mutane kan ɗora wa abincin ƙarshe laifin da ba nasa ba. Amai mai ƙarfi cikin awa 1 zuwa 6 bayan cin abinci, ba zazzaɓi, yawanci guba ce irin ta shinkafar da ta daɗe a kula ko abincin da aka cakuɗa da hannu, kuma yakan lafa cikin kwana guda. Murɗar ciki da gudawa bayan awa 6 zuwa 24 sun fi kama da miya ko nama da suka huce a tukunya. Taifot kuwa sai bayan mako 1 zuwa 3 yake bayyana da zazzaɓi, lokacin mutum ya koma garinsu ya manta da zoɓon da ya sha. Abin da ke kisa da sauri shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka ina tafe da ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na kemis, a jaka, ana narka ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, ba a tule ba, da rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai. Kada a fara da maganin tsayar da gudawa in akwai zazzaɓi ko jini.

Gudawa mai yawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, musamman da damina, alamar kwalara ce, kuma Kano na cikin jihohin da annobar 2021 ta fi shafa. Tana iya ƙarar da babban mutum cikin awanni. Wannan, ko jini a bayan gida, ko idanu su faɗa fitsari ya ɗauke, ko abin ya kama ƙaramin yaro ko tsoho ko mai juna biyu, ba a jiran gari ya waye: a ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari a cikin adaidaita, a nufi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Zana da ke kula da cututtuka masu yaɗuwa.